Me Ya Sa Bututu da Tukunyar Gas Ke Tsagewa ta Tsawo?

Duk wanda ya tsaya ya duba tukunyar gas mai kilo 12.5 da kyau zai ga layin walda guda ya zagaye tsakiyar cikinta. Daga wuya zuwa gindi kuwa babu ɗinki ko ɗaya. Masu ƙera ta sun ɗauki faifan ƙarfe biyu, suka danna kowanne da inji har ya zama ƙoƙo mai zurfi, suka kifa ɗaya a kan ɗaya, sannan suka bi mahaɗar da walda. Da sun so, da sun naɗe falle guda sun ɗinke shi a tsaye, kamar yadda ake yi wa manyan tukwane masu kilo 50 waɗanda tsawonsu ya hana a danna su. Sun zaɓi hanyar farko ne saboda sun san inda matsi ya fi cin ƙarfe, suka kawar da walda daga wurin.

Masu gyaran famfo sun san wannan wuri ko da ba su taɓa lissafa shi ba. Bututun ruwan da matsi ya fasa ba ya yankewa gida biyu. Tsaga ce doguwa take bin tsawonsa, tsakiyarta a buɗe, ƙarshenta biyu a tsuke. Haka tiyo yake yi, haka tankin iskar mai faci, haka bututun man da ke ƙarƙashin ƙasa, haka ma jikin jirgin sama.

Mai karatu zai iya tunawa da rake, wanda shi ma yake tsagewa ta tsawo cikin sauƙi amma yake wuyar karyawa a gicciye. Dalilin rake daban ne: zaruruwansa duk a miƙe suke, abin da ya haɗa su kuma ba shi da ƙarfi. Falle na ƙarfe kuwa ƙarfinsa kusan ɗaya ne ta kowace fuska. Idan ya tsage ta fuska guda kullum, to ta nan aka fi jan sa. Kuma ana iya sanin ko da nawa aka fi: ninki biyu ne cif.

Ja iri biyu a bango guda

Gas ko ruwan da ke cikin rufaffiyar tukunya yana tura kowane ɓangare na bango daidai wa daida. Ana auna wannan turi da ma'aunin da ake kira bar, kuma bar 1 yana daidai da kusan nauyin kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Tayar ƙaramar mota takan ɗauki bar 2 da ɗan ɗoriya.

Turin yana yi wa bangon silinda aiki biyu a lokaci guda. Yana tura murfin sama da na ƙasa don su rabu, wannan yana miƙe bango ta tsawo, shi ne jan tsawo. Yana kuma tura bangon waje ta kowane gefe don cikin ya faɗaɗa, wannan yana miƙe ƙarfen da ya zagaye cikin, shi ne jan kewaye. Don a ga girman kowanne, sai a yanka tukunyar a zuci sau biyu, a tambaya kowane karo: nawa ne ƙarfin da ke son raba ɓangarorin biyu, kuma ƙarfe nawa ne ke riƙe da su?

A ɗauki tukunya mai faɗin santimita 30, kaurin bangonta milimita 3, matsin cikinta bar 10. Waɗannan alƙaluma sun yi kusa da na tukunyar girki a ranar zafi.

Yanka na farko a gicciye ne, a raba sama da ƙasa. Bakin da aka buɗe da'ira ce mai faɗin santimita 30, filinta kusan murabba'in santimita 707. Kowane murabba'i na ɗauke da kilo 10, saboda haka ƙarfin da ke son cire rabin sama ya haura kilo 7,000. Tan bakwai ke nan, a tukunyar da yaro ke ɗorawa a bayan babur. Abin da ke hana shi tafiya shi ne zoben ƙarfen da wuƙar ta ratsa. Kewayensa santimita 94, kaurinsa 0.3, filinsa wajen murabba'in santimita 28. Idan aka raba tan bakwai ga wannan fili, kowane murabba'in santimita na ƙarfe yana ɗauke da kilo 250. Wannan shi ne jan tsawo.

Yanka na biyu a tsaye ne, a raba dama da hagu. Ba sai an ɗauki tukunyar duka ba, guntun da tsawonsa santimita 10 ya isa. Gas na tura lanƙwasasshen bango ta fuskoki da yawa, amma idan aka tara abin da ke tura dama daga hagu kaɗai, daidai yake da turi a kan shimfiɗaɗɗen fili mai faɗin 30 da tsawon 10, wato murabba'in santimita 300. Ƙarfin ya zama kilo 3,000. To wa ke riƙe da shi? Siraran gefuna biyu ne kawai inda wuƙar ta bi ta bango, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne tsawon 10 da kaurin 0.3. A haɗe murabba'in santimita 6. Kilo 3,000 a raba shida, kowanne ya sami kilo 500. Wannan shi ne jan kewaye.

Kilo 250 ta tsawo, kilo 500 ta kewaye, a ƙarfe ɗaya, a matsi ɗaya. Ana iya sauya faɗi, a sauya kauri, a sauya matsi, alƙaluman za su hau ko su sauka, amma ninki biyun ba ya gushewa muddin abin silinda ne mai siririn bango da murfi a kai da gindi. Injiniyoyi na rubuta shi a taƙaice, inda P ke nufin matsi, r rabin faɗi, t kuma kaurin bango:

jan kewaye: σ = P × r ÷ t

jan tsawo: σ = P × r ÷ (2 × t)

Tushen wannan lissafi ya daɗe. A ƙarni na 17 masanin Faransa Edme Mariotte ya yi ta fasa bututu da matsin ruwa yana neman kaurin da ya dace da layukan da za su kai ruwa fadar Versailles, ya gano cewa kaurin dole ya ƙaru daidai da ƙaruwar matsi da kuma ƙaruwar faɗi. A yau masu aikin bututun mai da gas na kiran lissafin da sunan Peter Barlow, masanin lissafi na Ingila a ƙarni na 19.

Akwai abin lura a cikinsa: tsawon silinda bai shiga ba ko kaɗan. Bututu mai tsawon mita ɗaya da mai tsawon kilomita ɗari ja ɗaya suke sha idan faɗi da kauri da matsi ɗaya ne. Faɗi kuwa yana shiga kai tsaye. A ninka shi, ja ya ninku. Shi ya sa siririn bututun birkin mota ke jure matsin da zai farke babban tanki, shi ya sa kuma bututu mai faɗin inci 40 irin na layin gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano yake buƙatar bango mai kauri sosai.

Yadda tsaga ke zaɓar hanya

Saura tambaya guda. Idan jan kewaye ne ya fi ƙarfi, me ya sa tsagar ba ta bin kewaye?

Tsaga kullum tana kwanciya ne a gicciye da jan da ke buɗe ta. Idan hannaye biyu suka ja takarda, ɗaya dama ɗaya hagu, yagewar daga sama zuwa ƙasa take bi. Jan kewaye yana jan kowane ɗan yanki na bango zuwa dama da hagu a zagayen tukunya, saboda haka layin da yake buɗewa a tsaye yake, yana bin tsawo. Jan tsawo shi ne zai yanke tukunya a gicciye, amma tunda rabi ne, kafin ya kai inda ƙarfe zai gaza ɗan'uwansa ya riga ya gama aiki.

Idan ƙarfen mai kyau ne, ba ya fashewa ba zato. Yana fara miƙewa, cikin tukunyar ya kumbura, bango ya ƙara siranta. Kumburin ya ƙara faɗi, sirantar ta rage kauri, duka biyun kuma suna ƙara jan kewaye, har a kai inda wuri mafi rauni ya buɗe. Daga nan dukkan nauyin da wurin ya saki yana komawa kan bakunan tsagar biyu, su kuma su ci gaba da yagewa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A bututun ruwa tsagar takan tsaya da wuri, don da zarar ɗan ruwa ya fita matsi ya faɗi. A bututun gas matsin ba ya saurin sauka, saboda haka tsaga na iya gudu mai nisa a jikin layi kafin ta tsaya. Don haka ne ake zaɓar ƙarfe mai wuyar yagewa, a wasu wuraren ma a ɗaura wa bututu zobba masu kauri da za su tare ta.

Ɗinkin da ke ɗauke da ninki biyu

Daga wannan lissafi hukunci ɗaya ke fitowa ga maƙera: duk ɗinkin da ya bi tsawon silinda yana shan ninkin abin da ɗinkin zagaye ke sha. Tarihin sana'ar cike yake da asarar da sakaci da wannan ɗinki ya jawo.

A zamanin tukwanen tururi, kafin walda ta bazu, ana haɗa fallayen ƙarfe da ribiti, wato ƙusoshin da ake zurawa da zafi a danne kawunansu. Hanya mafi arha ita ce a ɗora gefen falle a kan ɗaya gefen a huda su tare. Matsalar ita ce, a wurin ɗorin tukunyar ba ta zama cikakkiyar da'ira ba. Duk sa'ad da matsi ya hau, jan kewaye na ƙoƙarin daidaita wurin, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe. Matsi ya sauka, ya koma. Shekara da shekaru ana haka, sai tsaga ta fara a gefen layin ƙusoshin, a ƙarƙashin fallen da ya rufe ta, inda idon mai dubawa ba ya kaiwa.

Da safiyar 20 ga Maris 1905, wata tsohuwar tukunyar tururi ta fashe a masana'antar takalma ta Grover da ke garin Brockton a jihar Massachusetts ta Amurka. Tukunyar ta ratsa benayen ginin ta fice ta rufi, ginin katakon ya rufta, wuta ta kama. Mutum 58 suka mutu, kimanin 150 suka jikkata. Masu bincike sun gano tsaga a irin wannan ɗinki na ɗori. A 1907 jihar ta kafa dokar tukwanen tururi, sannan ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta fitar da kundin ƙa'idojinta na 1914, wanda jikokinsa har yau ake ƙera tankuna da su a ƙasashe da dama.

Zuwan walda bai kawar da haɗarin ba. A yammacin 9 ga Satumba 2010, bututun gas mai faɗin inci 30 ya fashe a tsakiyar unguwa a San Bruno ta jihar California. Mutum 8 suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus, wani yanki na bututun mai tsawon sama da mita 8 ya tashi daga rami ya faɗi nisan mita 30. An shimfiɗa wannan sashe tun 1956. Matsin lokacin wajen bar 27 ne, rabin faɗi santimita 38, kauri kusan santimita 1. Lissafin ya ba da jan kewaye na kilo dubu da 'yan kai a murabba'in santimita, abin da lafiyayyen bututu zai ɗauka ba wahala. Sai dai hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa a wani guntun bututun, ɗinkin tsawo ta waje kawai aka yi masa walda, ta ciki an bar shi. Kusan rabin kaurin ne kaɗai ke riƙe da kaya, ga kuma kwarin da ba a cike ba yana kwance daidai a layin da jan kewaye ke buɗewa. Daga nan tsagar ta fara.

Ƙaramin matsi, babban ciki

Jirgin fasinja ma tukunyar matsi ce. A can sama iska ta yi ƙaranci, sai a hura cikin jirgin don mutane su iya numfashi. Bambancin matsin ciki da na waje wajen rabin bar ne kawai, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tayar mota ba. Amma faɗin jikin Boeing 737 ya kusa mita 4, fatarsa ta alminiyom kuma a wasu wurare ba ta kai milimita 1 ba. Idan aka saka waɗannan a lissafi, jan kewaye a fatar ya kai wajen kilo 1,000, ninkin na tukunyar girkin da aka lissafa a baya. Kuma kowane tashi da sauka hurawa ce da sacewa guda.

Ranar 28 ga Afrilu 1988, jirgin kamfanin Aloha mai lamba 243 ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu a tsibiran Hawaii. Tsohon jirgi ne da ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000 a gajerun tafiye-tafiye tsakanin tsibirai, cikin iska mai gishiri. Yana ƙafa 24,000 sai rufin sashen gaba, mai tsawon sama da mita 5, ya yage ya tafi. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan kuma suka yi nasarar sauke jirgin a tsibirin Maui. Binciken ya nuna ƙananan tsagogi masu yawa a bakin ramukan ribiti, a jere a layin ɗinkin da ke bin tsawon jirgin. Kowace ita kaɗai ba ta da girma. Ranar da suka haɗe sai suka zama tsaga guda doguwa.

Yadda maƙera ke cin moriyar lissafin

Ƙwallo ba shi da fuska mai rauni. Ta ko'ina aka yanka shi da'ira ake samu, saboda haka jan da ke jikinsa ta kowace fuska daidai yake da jan tsawo na silinda. Tanki mai siffar ƙwallo na iya riƙe matsi iri ɗaya da rabin kaurin bango, dalilin da ya sa manyan ma'ajiyar gas a matatun mai suke zama ƙwallaye a kan ƙafafu. Ƙera su ne ke da wuya da tsada, kuma ba su ɗoruwa a bayan tirela, shi ya sa silinda ta fi yawa. Ko ita ɗin ana ba ta kai da gindi masu kumburi, don shimfiɗaɗɗen murfi lanƙwashewa yake yi maimakon miƙewa, yana buƙatar kauri mai yawa.

Tiyon da ke da zare a cikin robarsa yana ɗauke da wannan lissafi a fili. Zaren ba a miƙe yake ba, ba kuma a zagaye ba, a karkace yake yana gicciya juna, a kusurwa mai kusan digiri 55 daga layin tsawo. A wannan kusurwa ce zaren ke ba kewaye ninkin ƙarfin da yake ba tsawo. Idan aka kauce mata, tiyon zai yi ta kumbura yana gajarta, ko yana tsawo yana tsukewa, duk sa'ad da aka buɗe famfo.

Abubuwan da ke cinye tazara

Ƙarfen da ake ƙera tukunyar girki da shi yana fara miƙewar da ba ta komawa idan ja ya kai wajen kilo 2,700 zuwa 3,000 a murabba'in santimita, yana yagewa idan ya wuce 4,000. Tukunyar misalinmu tana kan 500. Tazarar tana da yawa, kuma da gangan aka bar ta. Haruffa uku na lissafin su ke nuna hanyoyin da take ƙarewa.

Na farko kauri. Idan tsatsa ta ci bango daga milimita 3 zuwa 1, jan ya tashi daga 500 zuwa 1,500 ba tare da an ƙara gas ko kaɗan ba. Siffar tsatsar ma tana da tasiri. Ɗan rami guda yakan huje ne ya yi yoyo, don lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye da shi na taimaka masa. Doguwar tsatsa ko zurfafan ƙarzuwa da ta bi tsawo ita ce mai haɗari, domin ta riga ta zana wa tsaga hanya.

Tankin kwamfiresar mai faci ya fi kowa shiga wannan hali. Iskar da ake matsawa tana ɗauke da laima, musamman da damina, laimar kuma tana zama ruwa a cikin tanki. Tunda tankin a kwance yake, ruwan na taruwa a doguwar kwatami a ƙasan cikinsa, daga wannan kai zuwa wancan, yana cin ƙarfe ta ciki alhali fenti na ƙyalli a waje. Tanki mai faɗin santimita 40 da kaurin milimita 3 a bar 10 yana shan jan kewaye na kusan kilo 670. Idan ƙasan ya koma milimita 1, ya zama 2,000. Idan ya koma rabin milimita, 4,000. Akwai ɗan bawul a ƙasan tankin don zubar da ruwan, ana buɗe shi kullum bayan aiki. Ruwa mai launin ƙasa-ƙasa da ɓarɓashin ƙarfe alama ce ta cewa ci ya yi nisa. Idan kuwa ɗan rami ya ɓulla a ƙasan yana huci, toshe shi da walda ba ya dawo da kaurin layin gaba ɗaya. Ramin shi ne wurin da ya fara kaiwa waje, sauran layin na biye da shi, kuma tankin ya gama aikinsa.

Na biyu matsi. Gas ɗin girki a ruwa yake cikin tukunya, tururinsa ne a sama, matsin tururin kuma zafi ke tafiyar da shi. Furofen zalla yana kaiwa wajen bar 13 a zafin digiri 40, wajen bar 20 a digiri 60. Lafiyayyar tukunya na ɗaukar wannan. Abin da ba ta ɗauka shi ne a cika ta maƙil. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a fili ne don ruwan gas ya sami wurin faɗaɗa. Idan babu wurin, ruwa ba ya matsuwa, kowane digiri na ƙarin zafi na ƙara matsi da bar masu yawa, har ciki ya kumbura. Tukunyar da aka ga cikinta ya fito ta riga ta wuce iyakar miƙewarta.

Shigowar motoci masu amfani da matsattsiyar iskar gas ta ƙara wa wannan batu nauyi a Najeriya. Wannan gas ba ya zama ruwa, ana dura shi ne a bar 200. A saka 200 a lissafin tukunyar girki: jan kewaye kilo 10,000, fiye da ninkin abin da ke yaga ƙarfenta. Tukwanen da aka yi domin wannan aiki suna da kaurin bango, ƙarfensu ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma na ƙarfe daga cikinsu ba su da ɗinkin walda a jiki. Tukunyar girki ko wadda aka harhaɗa a shagon walda ba za ta kai ƙarshen durin farko ba.

Na uku ƙarfin ƙarfen kansa. A gobara, idan ƙarfe ya kai wajen digiri 600 ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ɓangaren da ruwan gas ke taɓawa ta ciki yana samun sanyi, na saman da tururi kaɗai ke bayansa kuwa yana zafi da sauri. Matsi na hawa, ƙarfi na sauka, inda suka haɗu sai tsaga ta buɗe ta tsawo a wurin da ya fi zafi.

Inda lissafin ya tsaya

Lissafin na aiki ne idan bango siriri ne, wato kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na rabin faɗi ba. A tukunyar girki kashi ɗaya cikin hamsin ne. A bakin bindiga ko bututun da kaurinsa ya yi yawa, fuskar ciki ta fi ta waje shan ja, sai a koma ga lissafin da Bafaranshe Gabriel Lamé ya fitar a ƙarni na 19. Idan kuma matsin daga waje yake, kamar tankin da aka zuƙe ba tare da an bar iska ta shiga ba, bangon ba ya tsagewa, loɓawa yake yi.

Saboda ƙa'idar tana da tabbas, saɓa mata ma yana ba da labari. Idan aka tono bututu aka tarar ya yanke a gicciye, mai bincike ba ya ɗora laifin kan matsi. Yana neman abin da ya ja shi ko ya lanƙwasa shi ta tsawo: ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa, babbar mota ta taka shi, sanyi ya tsuke shi alhali kawunansa a ɗaure, ko waldar zagaye ta lalace har ta kasa ɗaukar rabin kayan da ke kanta.

Hanyar tabbatar da lafiyar tukunya kafin ta gaza ita ce gwajin ruwa. Ana fitar da duk abin da ke ciki, a cika ta da ruwa har babu sauran iska, sannan a matsa da famfo ya wuce matsin aikinta. Tukwanen girki galibi bar 30 ake kai su, wanda a misalinmu jan kewaye ne na kilo 1,500. A riƙe matsin, a duba yoyo, a kuma auna ko ta koma girmanta bayan an saki. Dalilin zaɓar ruwa shi ne ba ya matsuwa. Don a kai ruwan da ke cikin tanki mai lita 100 zuwa bar 30, ƙarin da ake turawa bai kai rabin lita ba, saboda haka idan bango ya tsage wannan ɗan ruwa ne zai tsirto, matsi ya faɗi nan take. Tankin nan a bar 10 na iska kuwa yana ɗauke da ƙarin iska kusan lita 1,000 a matse, kuma dukkanta za ta nemi fita ta tsagar a lokaci guda, tana yaga ƙarfe tana jifa da shi. Sashen bututun San Bruno ba a yi masa wannan gwaji ba lokacin da aka shimfiɗa shi a 1956, kuma masu binciken sun ce da an yi, da alama ɗinkin da aka bari rabi zai bayyana tun a ramin gwaji.